Soke lasisi da wa'adin wata uku: yadda jira ke kashe ƙara

Tambaya: "Barista, barka da aiki. Hukuma ta soke lasisin da nake sana'a da shi ba tare da an kira ni an ji ta bakina ba. Na rubuta musu takardar koke har sau uku, kullum amsar ita ce ana kan dubawa. Yau wata biyar ke nan. Da na je wurin lauya sai ya ce wa'adin kai ƙara wata uku ne, kuma ya wuce. Ta yaya lokaci zai fi gaskiya ƙarfi? Akwai sauran dabara?"

Barka kadai, Malam. Allah ya kawo mafita. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi: abin da lauyanka ya gaya maka yana da tushe, kuma ba ƙoƙarin guje wa aikinka yake yi ba. Amma kafin a ce magana ta mutu, akwai abubuwa uku da ya kamata a duba a cikin takardunka: ranar da aka fara ƙirga kwanakin, irin wa'adin da ya shafe ka, da kuma abin da amsoshin hukumar suka ƙunsa kalma bayan kalma. Mafi yawan shari'un da na ga sun mutu ko sun tsira, a kan waɗannan suka mutu ko suka tsira.

Abin da ya sa wa'adin yake da gajarta

Idan wani ya ci bashinka ya ƙi biya, a ƙasashe da yawa kana da shekara shida kafin ƙofar kotu ta rufe. Idan kuwa hukuma ce ta yanke shawara a kanka, sai ka ga an ba ka 'yan makonni ko 'yan watanni. A Ingila da Wales ƙa'idar ita ce a shigar da ƙara cikin gaggawa, kuma ko ta halin ƙaƙa kada a wuce wata uku. Idan maganar izinin gini ce mako shida ne, idan ta ba da kwangilar gwamnati ce kwana 30. A Faransa wata biyu ne, a Jamus wata ɗaya, a kotun tarayyar Kanada kwana 30, a Afirka ta Kudu kwana 180. A Nijeriya dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku. Ƙasashen nan tsarin shari'arsu ya sha bamban, amma a wannan gaɓar bakinsu ɗaya.

Dalilin shi ne shawarar hukuma ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Da an soke lasisinka, ana iya ba wani gurbin, shi kuma ya ci bashin banki, ya ɗauki ma'aikata, ya sayi kayan aiki. Da an ba da izinin gini, an zuba harsashi. Da an fitar da sakamakon ɗaukar aiki, wasu sun ajiye tsohon aikinsu sun kama sabo. Idan kotu ta zo bayan shekara biyu ta ce shawarar farko ba ta halatta ba, sai an warware duk abin da aka ɗora a kanta, kuma waɗanda za su ji jiki ba su ne suka yi laifin ba. Saboda haka doka ta zaɓi ta ce wa wanda aka zalunta ya yi magana da wuri.

Ni kaina ba ko'ina nake yarda da wannan hujja ba. Inda akwai mutum na uku da ya dogara da shawarar, hujjar tana da ƙarfi. Inda kuwa babu kowa sai hukuma da wanda ta cuta, gajeren wa'adi yakan zama garkuwar jami'in da bai yi aikinsa daidai ba. Sai dai ra'ayina ba ya canja abin da alƙali zai yi. Idan lauyan hukuma ya miƙe ya ce an shigar da ƙara bayan lokaci, alƙali zai ɗauki takardar ƙararka ya ga ranar da ka ce abin ya faru, ya ga ranar da ke jikin hatimin rajistar kotu, ya yi lissafi. Idan lissafin bai fita ba, kuma babu hanyar ƙarin lokaci, ba zai kai ga tambayar ko an saurare ka ko ba a saurare ka ba. Ba wai kotu ta ce hukuma ta yi daidai ba ne. Ta ce ba za ta duba ba, wanda a wurinka sakamakon ɗaya ne.

Daga wace rana ake ƙirgawa

Nan ne wuri na farko da zan so a tsaya a kai, domin mutane sukan ɗauka rana ɗaya ce alhali sau da yawa uku ne. Akwai ranar da kwamiti ya zauna ya yanke shawara, akwai ranar da aka sa hannu a takarda, akwai ranar da takardar ta shigo hannunka. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun mako biyu, ana iya samun wata biyu.

Dokoki sun bambanta. Wasu sun ce daga ranar da aka sanar da kai, kamar Faransa da Jamus da Kanada. Afirka ta Kudu ta ce daga ranar da ka samu labarin shawarar da dalilanta, ko ranar da ya kamata a ce ka samu. Wasu kuwa sun ce daga ranar da aka aikata abin, ko ranar da dalilin ƙarar ya taso, kuma a nan rashin saninka ba lallai ya hana lissafi tafiya ba, sai dai ya zama uzurin neman ƙarin lokaci inda doka ta yarda. Shi ya sa lauya mai hankali yake ɗaukar ranar da ta fi kowace tsauri, wato ta farko, ya yi aiki da ita. Idan ya shigar a cikinta, babu gardama. Sai an riga an makara ake komawa neman ranar da ta fi sauƙi.

Akwai kuma bambanci tsakanin niyya da shawarar ƙarshe. A shari'ar Burkett ta 2002, babbar kotun Birtaniya ta lokacin ta duba wani izinin gini a Landan inda majalisar ƙaramar hukuma ta fara amincewa a 1999 bisa wasu sharuɗɗa, sannan aka ba da izinin kansa a 2000. Kotu ta ce daga ranar ba da izinin ake ƙirgawa, domin kafin nan hukuma tana iya sauya ra'ayi. Wannan ya shafe ka ta hanya guda. Ka sake karanta takardar farko. Idan cewa ta yi "an dakatar da lasisinka har a kammala bincike" ko "muna da niyyar sokewa", to wataƙila sokewar kanta ta zo daga baya, ko ma ba ta zo ba tukuna. Idan kuwa cewa ta yi "an soke lasisinka daga ranar kaza", shawara ta kammala a wannan ranar.

Sannan ka duba ƙasan takardar ko an rubuta maka inda za ka ɗaukaka ƙorafi da kwanakin da kake da su. A wasu ƙasashe rashin wannan bayanin yana tsawaita wa'adi. A Jamus wata ɗayan yakan koma shekara ɗaya. A Faransa a da wa'adin ba ya fara aiki sam, har sai da babbar kotun harkokin mulki ta yanke a shari'ar Czabaj ta 2016 cewa ko a haka mutum ba zai wuce kimanin shekara ɗaya ba. Mai ƙarar nan ya zo ne yana ƙalubalantar lissafin fanshonsa bayan fiye da shekara ashirin. A ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila wannan kariyar ba ta da ƙarfi haka, amma har yanzu abu ne da ake ɗorawa a gaban alƙali idan ana neman uzuri.

Takardar koke ba ta tsayar da ƙirga

Wannan shi ne ramin da ka faɗa, kuma ba kai kaɗai ba. Mutum mai mutunci ba ya son fara da kotu. Yana ganin a bi ta lalama, a rubuta, a je ofis, a ga mai gida. Jami'i ya karɓe shi da fara'a, ya ce fayil ɗinka yana kan tebur, ka dawo bayan mako biyu. Shi kuma a ransa yana ganin tunda magana tana buɗe, ba a gama ba. A wurin doka kuwa an gama tun ranar da aka soke, kwanaki kuma suna tafiya yana jiran gawon shanu.

Ga yadda ake rarrabewa. Akwai ɗaukaka ƙorafi da doka ta tanada, wato dokar da ta kafa hukumar ta ce wanda bai gamsu ba ya kai kukansa ga minista ko wani kwamiti cikin kwana kaza. Akwai kuma roƙo, wanda kai ka ƙirƙira da kanka domin neman a tausaya. Na farko yana da matsayi. A Afirka ta Kudu, alal misali, kwana 180 ɗin ba sa farawa sai an kammala wannan matakin, kuma a wurare da yawa kotu ba za ta ma saurare ka ba sai ka bi shi. Na biyu kuwa a mafi yawan ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila ba ya tsayar da komai. A Ingila dokar kotu ta fito fili ta ce ɓangarorin biyu ba su da ikon tsawaita wa'adin da yarjejeniyarsu, kuma musayar wasiƙun da ake yi kafin ƙara ba ta taɓa shi. Wato ko da jami'in ya rubuta maka cewa kada ka damu da lokaci, ba shi ke da lokacin ba.

Faransa da ƙasashen da suka bi tsarinta sun ɗan sassauta. A can idan ka rubuta wa hukumar kana neman ta janye shawararta, kuma ka rubuta a cikin wata biyun farko, wa'adin yana katsewa. Idan ta yi shiru wata biyu ana ɗauka ta ƙi, sai sabon wata biyu ya fara. Amma sau ɗaya ake cin wannan moriya. Wasiƙa ta biyu da ta uku ba sa ƙara ko kwana ɗaya. Ka ga ke nan ko a inda doka ta fi sauƙi, mai rubuta koke sau uku ya wuce gona da iri.

Bari in ba ka wani aiki da ya zo hannuna, domin kwanakin su fito a fili. Wani mai kamfanin jigilar kaya ne aka soke masa izinin aiki. Takardar tana ɗauke da 3 ga Maris, amma sai 17 ga Maris ta iso ofishinsa, sakatarensa ya sa hannu a littafin mai kawo saƙo. Ranar 25 ga Maris ya rubuta koke. Ranar 10 ga Mayu aka amsa masa da layi biyu cewa an samu takardarsa kuma ana dubawa. Ya sake rubutawa a Yuni. Ranar 2 ga Yuli aka aiko masa da cewa hukuma tana nan a kan matsayinta na takardar 3 ga Maris. Ya zo wurina da ambulan a cikin jakar leda, ya shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, yana murna cewa yanzu ya samu amsa a rubuce, za a iya zuwa kotu. Na ɗauki ta farko na juya bayanta ina neman hatimin ranar karɓa, shi kuma yana ta nuna mini ta ƙarshe da yatsa.

Wa'adin wata uku ne. Idan an ƙirga daga 3 ga Maris, ya cika 3 ga Yuni. Idan daga 17 ga Maris ne, ya cika 17 ga Yuni. Duka biyun sun wuce. Abin da ya rage shi ne mu ce takardar 2 ga Yuli sabuwar shawara ce, wadda za ta kai mu har farkon Oktoba. Muka shigar ranar 20 ga Yuli a kan wannan hujja. Lauyan hukuma bai ce uffan a kan ko an saurari mutumin ba. Ya karanta takardar Yuli a gaban kotu, ya tsaya a kan kalmomin "tana nan a kan matsayinta", ya zauna. Alƙali ya tambaye ni ko akwai wani zama da aka yi tsakanin Maris da Yuli, ko wata sabuwar hujja da hukumar ta auna. Babu. Ya ce idan maimaita tsohuwar amsa yana buɗe sabon wa'adi, to kowa zai iya raya matacciyar ƙara da kuɗin tambarin wasiƙa. Aka kori ƙarar. Har yau ina da yaƙinin cewa da a watan Mayu muka shigar da mun yi nasara, domin ko sau ɗaya ba a kira shi ya kare kansa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar 10 ga Mayu. A ranar da ta iso yana da sauran kwana ashirin da huɗu a lissafi mafi tsauri. Ita ce ta kwantar masa da hankali, ita ce kuma ta cinye kwanakin. Ba na cewa da gangan aka rubuta ta. Sau da yawa amsa ce kawai da magatakarda ya saba bugawa. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, illarta ɗaya.

Yaushe amsa ta biyu take zama sabuwar shawara

Akwai lokacin da take zama, kuma a nan nake so ka zauna da lauyanka ku duba amsoshin nan uku. Alamar farko ita ce hukuma ta ce a rubuce za ta sake duba maganar daga tushe, ba "mun samu takardarka" kawai ba. Sai kuma a ga ta nemi ka kawo wasu takardu, ko ta kira ka zama, ko ta turo masu bincike. Idan bayan haka ta fito da amsa mai ɗauke da dalilan da babu su a takardar farko, to ta yi sabon aiki da hankalinta, kuma wannan sabon aikin ana iya ƙalubalantarsa a kan kansa, da sabon wa'adi. Haka nan idan dokar hukumar ta ba ta ikon sake dubawa idan an kawo sabuwar hujja, ka kawo, ta ƙi ko kallo, wannan ƙin ma abin kai ƙara ne.

Sai dai ka lura da iyakar wannan hanya. Abin da kotu za ta duba shi ne sabuwar shawarar, ba tsohuwar ba. Idan kuskuren da kake kuka da shi yana cikin ta farko kaɗai, kamar rashin sauraronka, kuma a zagaye na biyu an saurare ka, hukuma za ta ce an gyara. Alƙalai kuma suna da saurin gane wasiƙar da lauya ya tsara domin kawai a janyo amsa a samu sabuwar rana.

Mutane kuma sukan ce ai cutar tana ci gaba, tunda kullum da safe ina tashi ba lasisi. Dokar Nijeriya ma ta ambaci wannan, ta ce idan cuta ce mai ci gaba ana ƙirgawa daga ranar da ta tsaya. Amma kotuna sun bambanta ci gaban aikin cutarwa da ci gaban zafinsa. Tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba aiki ne da ake sabuntawa kowace rana. Ƙin biyan haƙƙin da ke faɗowa duk wata shi ma ana iya cewa haka. Soke lasisi kuwa sau ɗaya aka yi shi, abin da ya biyo baya raɗaɗinsa ne. Ban cika ganin wannan hujjar ta yi aiki a irin matsalarka ba.

Wa'adin da ake ƙarawa da wanda ba a ƙarawa

Tambaya ta gaba ga lauyanka ita ce: a ina aka rubuta wata ukun nan? Idan a cikin ƙa'idojin kotu ne, galibi alƙali yana da ikon ƙara lokaci idan an nuna dalili mai kyau. Idan a cikin dokar majalisa ne ko tsarin mulki, kuma ba ta ba da ikon ƙari ba, hannun alƙali a ɗaure yake ko da ya tausaya maka. Misali mafi tsauri da kowa ya sani shi ne ƙarar zaɓe a Nijeriya, kwana 21 daga ranar bayyana sakamako, babu ƙarin ko yini. Wata uku na dokar kare jami'ai ma ba a ƙara shi; abin da ake yi shi ne a nuna dokar ba ta shafi ƙarar ba tun farko, kamar inda jami'in ya yi abin da ba ya cikin hurumin ofishinsa ko ya yi da mugun nufi, ko inda maganar ta kwangila ce. Mugun nufi kuwa ba faɗa ake yi ba, sai an zayyana shi da hujja.

Inda ake iya ƙarawa, alƙali yana son ka ba shi bayanin kowane ɓangare na jinkirin a takardar rantsuwa, da ranaku. Rashin lafiya mai tsanani da takardar asibiti yana karɓuwa. Rashin isowar takardar a kan lokaci yana karɓuwa. Cewa hukuma ta rubuta maka ka dakata kada ka je kotu za ta warware, wannan ma hujja ce mai nauyi, idan a rubuce take. Rashin sanin doka, da neman kuɗin lauya, da fatan za a sasanta, waɗannan raunana ne. Bayan uzuri zai duba ƙarfin ƙarar kanta, da kuma wanda zai cutu idan an buɗe ta. A nan rashin sauraronka yana taimaka maka, domin kuskure ne da ake gani a fuskar takarda ba sai an kira shaidu ba.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai ƙara ba shi ne jinkiri yana iya cizo sau biyu. A shari'ar Caswell da aka yanke a Birtaniya a 1990, wasu manoma masu kiwon shanun madara sun ƙalubalanci kason madarar sayarwa da wata hukuma ta yanka musu a 1985, bayan sama da shekara biyu. An ba su izinin shigar da ƙara, kotu ta yarda cewa hukumar ta yi kuskuren fassara doka, amma ta ƙi soke shawarar, saboda sake buɗe rabon shekarun da suka wuce zai dagula tsarin gaba ɗaya. Suka fita da gaskiya a hannu ba tare da komai ba. Saboda haka ko an ƙara maka lokaci, ka binciki ko an riga an ba wani gurbinka. Idan an bayar, ka shirya jin cewa kotu za ta iya furta an yi maka ba daidai ba amma ta ƙi mayar maka da lasisin. Idan ba a bayar ba, ka sa a rubuta hakan ƙarara a takardar rantsuwarka, domin yana rage nauyin jinkirin.

Abin da zan yi a wannan makon da ni ne lauyanka

Zan fara da tattara takardu bisa ranaku, har da ambulan da hatiminsa, da shafin littafin da aka sa hannu, da saƙonnin waya da jami'an suka turo maka. Sannan in karanta dokar da ta kafa hukumar daga farko zuwa ƙarshe, ina neman abu biyu: ko ta tanadi ɗaukaka ƙorafi na cikin gida wanda ɗaya daga cikin takardunka zai iya shiga ƙarƙashinsa, da ko tana buƙatar a ba ta sanarwa kafin a kai ta ƙara. Wannan na biyun tarko ne na daban. Dokokin hukumomi da yawa sun ce sai an ba su sanarwar wata ɗaya, kuma sau da yawa watan yana cin cikin wa'adin ne, ba a kansa ake ƙarawa ba. Mai wata uku a takarda, wata biyu gare shi a zahiri. Takardar koke kuma ba kasafai take cika sharuɗɗan wannan sanarwa ba, domin ana so a ambaci dalilin ƙara da abin da ake nema daga kotu.

Idan wa'adin mai ƙaruwa ne, zan shigar da ƙarar tare da roƙon ƙarin lokaci a rana ɗaya, ba tare da jiran wata amsa daga hukumar ba. Jinkirin da ya faru kafin ka ga lauya ana iya yi masa bayani. Wanda ya faru bayan lauya ya gaya maka lokaci ya wuce ba shi da uzuri, kuma alƙali zai tambayi ranar da ka fara zuwa ofishin lauya. Idan daga baya hukuma ta ce tana son sulhu, ana iya neman kotu ta jingine shari'ar a yi magana, ƙarar tana nan a ajiye.

Idan kuwa wa'adin marar ƙaruwa ne kuma babu wata togaciya da ta shafe ka, zan ba ka shawarar ka daina bin tsohuwar takarda, ka nemi sabon lasisi da cikakkun takardu, kana amsa duk zargin da aka yi maka a karon farko. Dole hukuma ta yanke shawara a kan wannan buƙata. Idan ta ba ka, ka samu abin da kake nema. Idan ta ƙi, ka samu sabuwar shawara mai sabon wa'adi, kuma wannan karon ka san ranar da za ka fara ƙirgawa. Akwai kuma hukumomin karɓar ƙorafin jama'a a ƙasashe da yawa, waɗanda wa'adinsu yakan kai shekara ɗaya; ba kasafai suke da ikon tilasta wa hukuma ba, amma suna iya sa a fito da fayil a ga abin da ke ciki. Sannan idan aka gurfanar da kai da laifin aiki ba lasisi, a wasu ƙasashe kana iya kare kanka da cewa sokewar ba ta halatta ba ko da wa'adin ƙara ya wuce, sai dai ba hanya ce da zan so ka jawo wa kanka da gangan ba.

Ban ga takardunka ba, Malam, kuma wace daga cikin hanyoyin nan ce a buɗe ya danganta da dokar ƙasarka da kalmomin da hukumar ta yi amfani da su. Ka koma wurin lauyan da amsoshin nan uku da ambulansu, ka roƙe shi ya nuna maka sashen dokar da ya ce wata uku, ku karanta shi tare, musamman layin da ke biye da shi, domin a nan ake rubuta ko kotu tana da ikon ƙarawa.